Masara ko gyaɗa a rabin hekta: yadda ake lissafin kafin a saki kuɗi

Tambaya: Malam, ina da gona kimanin rabin hekta a yankin Malumfashi, ƙasar jigawa ce mai ɗan ja, bara dawa na shuka kuma wuta-wuta ta ci kusan rabinta. Jarina bana bai wuce naira 300,000 ba, amma ina da samari biyu da suke taya ni aiki. Masara zan zuba ko gyaɗa, ganin yadda farashi yake hawa da sauka kuma taki da iri da leburori duk sun yi tsada?

Amsa: Malam, da wannan jari da wannan ƙasa, shawarata ita ce ka ba gyaɗa kashi biyu cikin uku na gonar, ka bar wa masara kashi ɗaya kacal, wato daidai gwargwadon da za ka iya ciyar da ita taki ba tare da ƙwauro ba. Dalilin ya fito ne daga inda kuɗi yake shiga a kowanne daga cikin amfanin biyu, da lokacin da yake shiga, da kuma wanda za a iya maye gurbinsa da ƙarfin iyalinka.

Kuɗin masara yana tafiya ne a taki, kuma ana biyansa lakadan tun farkon damina, watanni huɗu kafin a san abin da kasuwa za ta yi. Irin masara ba shi da nauyi a aljihu, domin kilo 10 ya isa rabin hekta idan aka yi kunya mai tazarar santimita 75 kuma aka bar santimita 25 tsakanin tsiro da tsiro. Amma masarar da ake son ta ba da buhu 15 a wannan fili tana buƙatar kimanin buhu 3 na kamfa da buhu ɗaya da rabi na yuriya, a sa kamfa cikin mako biyu na farko, a bi da yuriya tsakanin mako na huɗu da na shida. Babu wani aikin hannu da zai cike gurbin wannan takin. Idan aka rage shi, ganyen ƙasa yakan fara rawaya daga tsini yana bin tsakiyar ganye, karan ya yi siriri, goyon ya fito ƙarami, kuma a ƙasar jigawa, wadda ruwan sama yake saurin wanke mata taki, wannan yana bayyana da wuri.

Gyaɗa kuwa akasin haka take. Ita tana samar wa kanta sinadarin da yuriya take bayarwa ta hanyar ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta, saboda haka abin da take nema shi ne takin supa, buhu 2 zuwa 3 a rabin hekta, wanda ake sawa lokacin shuka. Supa yana ƙarfafa saiwa, kuma sinadarin alli da ke cikinsa yana taimaka wa kwanso ya cika da ƙwaya. Nauyinta yana wurare biyu ne, wato iri da aikin hannu. Rabin hekta yana cin kilo 40 zuwa 50 na ɓararren iri, domin ƙwayar tana da girma kuma ana shuka ta kusa da kusa. Kilo ɗaya na irin masara yana iya dawo da fiye da kilo ɗari, amma kilo ɗaya na irin gyaɗa bai cika wuce kilo goma da 'yan kai ba, shi ya sa irinta yake da tsada a kowace shekara. Sannan ga cira, ga tsinka, ga shanya, ga ɓara, waɗanda duk aikin yatsu ne.

Bari mu ɗora lissafin a kan gonarka da farashin misali, kai kuma ka sauya su da na kasuwarku a ranar da za ka saya. Mu ɗauka kamfa yana 50,000, yuriya 40,000. Takin masara ya tashi 210,000. Ka ƙara 20,000 na iri da 25,000 na maganin ciyawa da na tsutsa, abin da dole ka saya daga shago ya zama 255,000. Huɗa da shuka da noma da girbi da sussuka da buhuna da dako, mu ce 95,000 idan komai biya aka yi. Jimla 350,000, wadda ta riga ta zarce jarinka. Idan Allah ya ba da buhu 15, kowane buhu ya tsaya maka a kan kusan 23,300, kuma duk abin da ka sayar sama da haka shi ne riba. A farashin 40,000 za ka samu 600,000, ribar 250,000 ke nan. A farashin 25,000 kuwa za ka samu 375,000, wato ka yi wa damina hidima kusan kyauta. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan amfanin ya tsaya a buhu 10, wanda abu ne mai yiwuwa ƙwarai a gonar da wuta-wuta ta riga ta zuba iri, domin a lokacin kowane buhu ya tsaya maka a 35,000, kuma ɗan saukin farashi kaɗan ya isa ya ci uwar kuɗi.

A gyaɗa, mu ɗauka kilo 40 na iri a kan 2,000 kowane kilo, 80,000 ke nan, supa buhu 2 a kan 30,000 kowanne, 60,000, maganin wanke iri da na ciyawa 20,000. Abin saye daga shago ya zama 160,000. Aikin hannu gaba ɗaya, idan leburori aka ɗauka, mu ce 140,000, jimla 300,000. Ingantaccen iri da kulawa mai kyau yana iya ba da kilo 600 zuwa 700 na gyaɗa mai kwanso a rabin hekta, kuma da yake kwanso yana cin kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyi, abin da zai rage bayan ɓara shi ne buhu 4 zuwa kusan 5 na tsaba masu kilo 100. Mu ɗauki na ƙasan, buhu 4, mu kuma ce harawa ta kawo 50,000. Kowane buhu ya tsaya maka a 62,500. Tsabar gyaɗa bisa al'ada tana ninka farashin masara sau biyu ko uku, saboda haka idan ta kai 110,000 za ka ga 440,000 ban da kuɗin harawa.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluman sama-sama zai ce masara ta fi riba a shekara mai kyau, kuma gaskiya ya faɗa. Manomin da yake da ƙasa mai nauyi, mai jari, mai rumbun ajiya, masara ta fi masa. Amma ka lura da abin da samarinka biyu suke canzawa. A masara, ko sun yi aikin duka, 255,000 na nan daram sai an biya. A gyaɗa, kusan rabin kuɗin aikin hannu ne, kuma shi ne abin da kake da shi a gida. A shekara ta biyu tazarar takan ƙara faɗi, domin gyaɗa tana yi wa kanta barbara a cikin furenta, irin da ka ajiye yana fitowa kamar uwarsa na shekaru da dama, don haka 80,000 ɗin iri ya fita daga lissafi. Masarar aure, wadda kamfanoni suke sayarwa a leda, ba a ajiye irinta, amfanin yana faɗuwa idan aka sake shuka ta. Nau'in da ba na aure ba, kamar Sammaz 15 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda aka san shi da jure wuta-wuta, ana iya maimaita shi shekara biyu ko uku idan an zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona.

Kada dai ka ƙirga aikin yaran a matsayin banza. Ranar da suka yi suna tsinkar gyaɗarka rana ce da za su iya samun kuɗin ƙwadago a gonar wani, kuma lokacin cira yakan zo daidai da komawa makaranta da yankan wake da karyar masara, lokacin da lebura yake wuyar samu kuma yake tsawwala kuɗi. Bambancin kawai shi ne, wannan nauyi ba ya tilasta maka cin bashi a watan Yuni.

Batun farashi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne mutane suke yin kuskure iri ɗaya kowace shekara, wato su shuka abin da ya yi tsada bara. Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, farashin masara ya yi tashin da ba a saba gani ba har cikin 2024, mutane da yawa suka faɗaɗa gonakinta. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara, na kwana 150. Daga nan zuwa 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, alhali taki bai sauko tare da shi ba, kuma waɗanda suka ɓoye masara suna jiran tsadar bazara da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Masara tana hannun manyan masu saye ne, musamman kamfanonin abincin kaji, kuma shawarar da aka yanke a Abuja tana isa kasuwar Dawanau da Dandume da Giwa cikin kwanaki. Ƙaramin manomi ba shi da ta cewa a wannan.

Saboda haka ma'aunin da nake ba manoma su riƙe ba naira ba ne, buhu ne. Ka tambayi kanka buhun masara nawa za ka sayar da kaka kafin ka biya buhun taki ɗaya. Idan buhu ɗaya na masara yana sayen buhu ɗaya na kamfa, takin gonarka zai ci buhu huɗu ko biyar cikin 15, ka tsira da sauran. Idan sai buhu biyu ne suke sayen ɗaya, taki kaɗai ya cinye takwas ko tara, kuma a lokacin noman masara don sayarwa a ƙaramar gona ba shi da ma'ana, sai dai don ci a gida. Ka yi wannan lissafin da farashin kaka, na watan Oktoba da Nuwamba, kada ka yi shi da farashin da kake gani a bazara, domin ba a wannan farashin za ka sayar ba.

Ita ma gyaɗa farashinta yana faɗuwa da kaka, kuma yana bin farashin man girki da na waken soya. Abin da ya rage mata haɗari shi ne yawan ƙofofin da take fita ta cikinsu. Akwai dillalan kamfanonin mai, akwai matan da suke matsar mai da soya ƙuli-ƙuli a kowane ƙauye, waɗanda suke saye kwano-kwano duk shekara, akwai masu neman iri da farkon damina, lokacin da mai kwanso mai kyau take tsada. Idan tsaba ta yi arha, maiɗakinka tana iya mayar da ita mai da ƙuli-ƙuli ta fitar da abin da dillali ba zai biya ba. Harawa kuma tana da nata kasuwar daban, wadda take tashi da rani da kuma lokacin kiwon ragunan layya, kuma ba ruwanta da abin da aka shigo da shi ta tashar jiragen ruwa.

Haɗarin gyaɗa na gaske yana cikin gona ne, kuma na farko shi ne iri. Ƙwayar gyaɗa mai mai ce, fatarta siririya, tana saurin mutuwa idan an ɓare ta da daɗewa ko inji ya farfasa ta ko ta sha zafi a shago. Gyaɗar ci da aka auno a kasuwa tana iya yin kyau a ido amma rabinta ba zai tsiro ba, kuma ramin da bai tsiro ba a gonar gyaɗa asara ce har kaka. Ka sayi iri da kwansonsa idan da hali, a ɓare da hannu mako ɗaya ko biyu kafin shuka, a tsince yamutsattsu da fasassu. Kafin ka biya kuɗin duka, ka ƙirga ƙwaya 100 ka binne a yashi mai laima, ka ƙirga abin da ya fito bayan mako guda. Idan sun kai 80 ko fiye, iri ne. Idan sun tsaya wajen 60, ko dai ka ƙara yawan abin da za ka shuka, wanda yake nufin kuɗin iri ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ko ka nemi wani.

Na biyu ita ce kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, tsiron ya ƙanƙance, ganyen ya yi rawaya ya nannaɗe, ba ya kuma yin 'ya'ya. Ita ce ta yi wa noman gyaɗa a Arewa mummunar ɓarna a 1975, kuma tana daga cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Babu maganin da yake warkar da tsiron da ya kamu, kariya ita ce iri mai juriya da shuka a kan lokaci da cika gona, domin darɓa ta fi sauka a gonar da tsironta ya yi tsilla-tsilla. Samnut 24 na Samaru yana jure ta kuma yana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, shi ya sa ya dace da yankinku. Samnut 21 da Samnut 22 sun fi ba da harawa, amma suna kai wa wajen wata huɗu, sun fi dacewa da inda damina take da tsawo.

Irin da yake nuna da wuri yana da tarko guda. Idan ka shuka shi da ruwan farko a farkon Yuni, zai nuna a farkon Satumba ana tsakiyar ruwa, shanya ta yi wuya, harawa ta ruɓe, kuma idan aka yi jinkirin cira ƙwayar takan fara tsirowa a cikin ƙasa. Ka daidaita shuka zuwa ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, yadda cira zai faɗo lokacin da ruwa yake janyewa amma ƙasa ba ta bushe ta riƙe kwanso ba. Hanyar gane nuna ita ce a ciri tushe kaɗan daga wurare daban-daban a fasa kwanson, idan bakwai ko takwas cikin goma cikinsu ya yi duhu, lokaci ya yi. Noma kuma a gama shi cikin mako shida na farko, domin bayan fure, idan sandunan da suke haifar da kwanso sun fara nutsewa cikin ƙasa, fartanya tana yanke amfani ne, sai dai a cire ciyawa da hannu. A shanya sosai har kwanso ya riƙa kaɗawa idan an girgiza, a kan tabarma ko tamfol, saboda gyaɗar da aka tara da laima tana yin fumfuna mai dafin afulatoksin, wanda yake cutar da hanta kuma yake sa manyan masu saye su ƙi kaya. Ka ajiye ta da kwansonta, ka riƙa ɓarewa gwargwadon abin da za ka sayar.

Tarihin gonarka ma yana goyon bayan gyaɗa. Wuta-wutar da ta ci dawarka ita ce dai take kama masara, irinta kuma yana zama a ƙasa shekaru da yawa yana jiran saiwar hatsi, kuma ta fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Ba ta rayuwa a jikin gyaɗa, saboda haka shekarar gyaɗa tana hana ta ƙara zuba iri a wannan ɓangaren. Hatsin da ya biyo bayan gyaɗa yakan fi kyau, ko da yake kada ka ɗauka za ka daina sayen taki, domin idan an kwashe harawa an sayar, mafi yawan abin da gyaɗar ta tara ya bar gonar tare da ita.

To me ya sa ban ce ka bar masara gaba ɗaya ba? Saboda masarar da za a ci a gida ba ta shiga haɗarin farashi kamar ta sayarwa. Buhun da ke ɗakinka darajarsa ita ce abin da za ka biya a watan Yuli idan babu shi, ba abin da dillali zai taya a Nuwamba ba. Kashi ɗaya cikin uku na rabin hekta yana buƙatar buhu ɗaya na kamfa da rabin buhun yuriya, 70,000 a farashinmu na misali, da iri kilo uku da ɗan ƙari, kuma yana iya ba da buhu 5. Ka zaɓi ɓangaren da wuta-wuta ba ta yi yawa ba bara kuma ƙasarsa ta fi nauyi, ka kai masa duk takin gida da ka samu. Ka riƙa leƙa zuciyar masarar sau biyu a mako daga fitowarta, saboda tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016. Alamarta ita ce ramuka a sabon ganye da kashinta mai kama da dusa a cikin zuciya, kuma feshi yana aiki ne tun tana ƙarama, da sassafe ko da yamma.

Sauran kashi biyun na gyaɗa za su ci kimanin kilo 27 zuwa 30 na iri da buhu ɗaya da rabi na supa. Idan ka haɗa wannan da na masara da magunguna, abin saye daga shago zai tsaya kusan 200,000, ya bar maka 100,000 na huɗa da na mata masu tsinka a makon cira, wanda shi ne makon da hannu shida ba za su isa ba. Wannan kuɗin kada ka taɓa shi a Yuli ko da taki ya yi maka kira. Gyaɗar za ta rigaya masarar nuna ko su zo kusan tare, don haka buhu ɗaya na tsaba da ɗan harawa sun isa su biya buƙatun kaka, masarar kuma a busar da ita sosai a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban don ƙwari su mutu da rashin iska. Daga gyaɗar ka ware kimanin kilo 45 mai kwanso daga tushen da suka fi lafiya, shi ne irin baɗi.

Abu biyu ne za su sa in sauya wannan shawara. Idan ka haƙa ka tarar ƙasar tana da laka a ƙasa kuma ruwa yana kwanciya bayan an yi mamako, gyaɗa ba za ta so wurin ba, cira ma zai bar kwanso da yawa a ƙasa, sai ka ƙara wa masara fili. Haka nan idan gwajin tsiro ya nuna ba ka samu iri mai kyau ba har makon farko na Yuli ya wuce, ka rage filin gyaɗa zuwa gwargwadon irin da ka amince da shi, sauran ka zuba wake.